Robar fitsarin Baba tana ta toshewa, magani kuma ya ƙi ci, wa ya taɓa shiga wannan halin?

Abban Hafsa, Tudun Wada
Salamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ya taɓa jinyar mai robar fitsari ya taimaka min da abin da ya gani. Mahaifinmu ne, furostet ɗinsa ya kumbura fitsari ya ƙi fita, aka sa masa kateta tun bayan ƙaramar sallah ana jiran jininsa ya daidaita a yi aiki. To matsalar ita ce robar ba ta wuce sati biyu sai ta toshe, fitsarin ya koma yoyo ta gefe, ga wari mai hawa kai, jakar kuma duk wani farin tsaki-tsaki kamar yashi. An yi gwaji an ce ƙwayar cuta ce, takardar ta nuna maganin sifro zai kashe ta, ya sha ya ɗan samu sauƙi, ba a yi kwana goma ba zazzaɓi ya dawo. Aka sake gwaji, ƙwayar nan dai ce, kuma takardar ta sake cewa sifro na kashe ta. Ni abin da ya ɗaure min kai kenan, in yana kashe ta me ya hana ta mutu?

Ɗan Kemis, Sabon Gari
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Yallaɓai ko dai maganin jabu ne ko kuma ƙwayar ta saba da shi, sifro yanzu kowa sha yake kamar alawa shi ya sa ya daina aiki. Ni a ganina a koma allura kawai, jentamaisin ko seftiriyazon, na ga mutane da yawa sun warke da su

Maman Ilham
Wannan ai sanyi ne ɗan uwa, ni ma na yi fama da shi shekara guda, sai da aka haɗa ni da maigidan muka sha magani tare sannan ya rabu da ni. A duba banɗakin da yake shiga

Sista Rabi, Samaru
Maman Ilham naki daban ne, Baba da roba a jikinsa, daga nan matsalar take. Abban Hafsa tambaya ɗaya zan maka, lokacin da ya fara shan sifron an canja robar, ko da tsohuwar a jikinsa ya sha? Sannan fitsarin da kuka kai gwaji daga ina aka ɗiba?

Abban Hafsa, Tudun Wada
Da tsohuwar ya sha Sista, sai da ta toshe aka canja. Fitsarin kuma daga jaka ƙanina ya tsiyaya a kwalba.

Sista Rabi, Samaru
To ka ga inda gizo ke saƙa. Na daɗe a ɗakin maza ina cire irin wannan roba, in ka yanka wadda ta yi wata a jiki ka duba cikinta za ka ga wani santsi ya lulluɓe bangon, wani lokacin har da ɓawo mai tauri. Ka san santsin da ke kama cikin randa in an kwana biyu ba a wanke ba, wanda ko ka zubar da ruwan ka zuba sabo yana nan sai an sa soso? Shi ne wannan, mu bayofim muke ce masa. Ƙwayoyin cuta ne suka manne a robar suka fitar da wata majina suka rufe kansu a ciki. Maganin da Baba ya sha ya kashe waɗanda ke yawo a cikin fitsari, shi ya sa zazzaɓin ya sauka, amma na jikin robar suna nan, ana gama magani suka sake sakin 'ya'yansu.

Ƙa'idar da muke bi ita ce, in roba ta wuce sati 2 a jiki kuma mutum ya kamu da ciwo, a fara canja ta, a ɗebi fitsarin gwaji daga sabuwar, sannan a fara magani. Na jaka ba a kai shi gwaji sam, don ya jima a kwance komai ya hayayyafa a ciki.

Ɗan Kemis, Sabon Gari
To Sista ai maganata ce, ƙwayar cutar ta fi ƙarfin maganin haɗiya, allura ta fi ratsawa

Malam Sani Lab
Ɗan Kemis rabin maganarka gaskiya ce, akwai ƙwayoyin da sun riga sun gagari sifro kuma muna ganinsu kullum a kan benci. Amma da wannan ce matsalar Baba da takarda ta nuna, sau biyu tana cewa maganin na ci. Bari in faɗa muku yadda muke gwajin don a gane iyakarsa. Mukan shuka fitsarin a faranti, ƙwayar ta tsiro, mu ɗebe ta mu kaɗa a ruwa mu shafa a wani farantin, mu ɗora 'yan takardun magani, a bar shi ya kwana a ɗumin jiki kamar awa 18. Wato ƙwayar da muka gwada a sake take, ta ƙoshi, tana ta rabuwa. Wadda ke cikin robar Baba ba haka take zaune ba. Ƙwaya iri ɗaya, in tana cikin bayofim tana iya jure magani ninki 100 har zuwa 1000 na abin da zai kashe ta a sake, kuma in ka ɓamɓaro ta ka sake shukawa sai ta koma mai jin magani kamar da. Don haka takardar ba ƙarya ta yi ba, ba ta dai ga robar ba ne.

Dalilin juriyar kuma ba majinar kaɗai ba ce kamar yadda mutane suka ɗauka. Jentamaisin da ka ambata shi kam majinar tana riƙe shi a hanya, kuma ko ya isa yana buƙatar iskar oksijin kafin ya shiga cikin ƙwayar, can ƙasan bayofim kuwa na sama sun shanye iskar. Sifro yana ratsawa lafiya lau, sai dai ya tarar da su kamar masu barci, ba abinci ba iska, ba sa rabuwa. Magunguna irin su amoksisilin da seftiriyazon kuwa aikinsu shi ne rushe bangon ƙwaya a lokacin da take gina sabo don ta rabu biyu, wadda ba ta gina komai ba abin da za su rushe. A cikinsu ma akwai 'yan tsiraru da ke yin lamo gaba ɗaya har maganin ya fita daga jini, su ne irin da ke sake tsirowa. Saboda haka ƙara ƙarfin allura da tsohuwar roba a jiki wahalar da ƙodar dattijo ne kawai, jentamaisin ba abin wasa ba ne ga ƙodar tsoho.

Abban Hafsa wane suna aka rubuta a takardar?

Abban Hafsa, Tudun Wada
Ga yadda aka buga shi Malam, Proteus mirabilis

Malam Sani Lab
Na yi zaton haka tun da ka ce yashi da wari. Wannan ƙwayar tana fasa sinadarin yuriya na cikin fitsari ta mai da shi amoniya, shi ne warin da ke hawa kai. Fitsarin lafiya awon tsaminsa wajen 6 ne, ita kuma sai ta tura shi 8 ko sama, wato tsamin ya ragu ya koma ɓangaren kanwa, a nan ne gishirin kalsiyam da magniziyam ke daskarewa su zama tsakuwa a cikin majinar har su toshe idon robar. Da ɗan tsinken gwajin fitsari ma za a ga wannan. Kuma kar wani ya ba ku naitirofurantoyin, ba ya cin wannan ƙwayar ko a sake take.

Hajiya Ummi, Gyallesu
Allah sarki, ka tuna min da Innarmu. Shanyewar ɓarin jiki ta yi, ta shekara biyu da roba. Mu abin da ya tayar mana da hankali wata safiya muka tashi jakar da tiyon sun koma shuɗi-shuɗi kamar an zuba shuni, yara har sun fara cewa sammu ne, ashe shi ma aikin ƙwayoyin nan ne in ya haɗu da rashin bahaya, aka canja roba da jaka aka ba ta abin da zai saki cikinta ya wuce. Abin da likitanta ya nanata mana shi ne duk wanda ya yi wata da roba in an gwada fitsarinsa sai an ga ƙwaya, don haka kar mu riƙa ba ta magani saboda wari ko gurɓacewa kawai, sai in da zazzaɓi ko rawar ɗari ko ciwon kwiɓi ko ta rikice. Da farko ban yarda ba wallahi, gani nake sakaci ne, amma watannin da muka daina ɗura mata magani ba ta fi da ciwo ba. Mun koma robar silikon, ta fi tsada amma hanyar cikinta ta fi faɗi, takan kai mu sati shida

Bash Mai Mashin
Ni ba roba ba ce amma labarin ɗaya ne. Na karye a ƙwauri a hanyar Kwangila aka sa min ƙarfe da kusoshi, bayan wata huɗu wani ɗan rami ya buɗe yana ruwa, in na sha magani ya rufe in na gama ya buɗe, haka na yi ta yi. Likitan ƙashi ya ce wata ƙwayar cuta ce mai suna Sitaf ta manne a ƙarfen, ba za a cire ba sai ƙashin ya haɗe, ya ci gaba da danne ta da magani, ranar da aka cire ƙarfen aka kankare wajen ban sake ganin ruwa ba har yau. Ku dai kuna da sauƙi tunda taku a minti goma ake canjawa

Ɗan Kemis, Sabon Gari
To in a wanke robar da ruwan gishiri ta sirinji fa? Akwai mai zuwa gida yana yi wa wani maƙwabcinmu kuma tana buɗewa

Sista Rabi, Samaru
Tana buɗewa na kwana ɗaya biyu, amma ruwa ba ya ɗaye ɓawon, kuma duk sanda aka raba roba da jaka an buɗe wa wata ƙwayar ƙofa. Mu mukan wanke ne in gudan jini ya toshe. Abban Hafsa tunda kun san tasa sati biyu take yi, ku roƙi a sa muku ranar canji kafin ta toshe, kamar kwana 10, kar a jira sai cikin dare mara ta kumbura, don fitsarin da ya rasa hanya sama yake komawa wajen ƙoda kuma daga nan ƙwayar ke shiga jini. Jaka kullum ƙasa da mara, kar ta taɓa ƙasa, kar tiyo ya lanƙwashe a ƙarƙashin cinya. Ya sha ruwa sosai in dai likita bai taƙaita masa ba saboda zuciya ko ƙoda.

Hajiya Ummi, Gyallesu
Mu har lemon tsami muke matsa mata a ruwa, an ce yana rage tsakuwar

Malam Sani Lab
Akwai hujja a nan Hajiya, sinadarin sitiret na lemon yana hana gishirin saurin daskarewa, amma ba ya kashe ƙwayar. Ni abin da ya fi damuna shi ne wata bakwai da wannan ƙwayar, tana iya yin dutse a cikin mafitsara ko ƙoda ta ɓuya a ciki, in haka ne ko sabuwar roba aka sa daga dutsen za ta sake kama ta. Ku nemi a yi masa sikanin.

Abban Hafsa, Tudun Wada
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Jiya mun koma, an sa ta silikon lamba 16, an ɗebi fitsari daga sabuwar, za a fara magani na kwana 7 in sakamako ya fito jibi. Na roƙi nas ɗin ta yanka min tsohuwar na gani da idona, bakin ya cika da farin ɓawo sai wata 'yar ƙofa kamar ta allura. Sikanin kuma sai ranar Litinin. Likitan ya kawo maganar a koya wa Baba sa roba da kansa yana cirewa sau huɗu ko biyar a rana maimakon mai zama, shi kuma Baba ya ce sam ba zai iya ba, akwai wanda nasa ya taɓa gwada wannan?