Neman kalmar Hausa: me za mu kira "aworis" na Helenanci?

Bitrus_Kafanchan

Jama'a, barkanmu da war haka. Muna shirya ɗan littafin koyon Helenanci da Hausa domin masu aikin fassara, kuma mun cije a kan sunan sigar aikatau ɗin nan da Helenawa ke kira aworistos. A daftarin farko an sa "shuɗaɗɗen lokaci", tunda haka ake fassara ta da Turanci yawanci. Ni dai sunan bai kwanta mini ba, domin ina ganin ɓarnar da yake yi.

Ga misali daga Markus 6. A aya ta 16 Hirudus yana cewa Yahayan da ya fille wa kai ne ya tashi. Aya ta 17 kuma ta zo da aworis: ekratesen, edesen, wato kamawa da ɗaurewa. Wani ɗalibina ya rubuta: "Sai Hirudus ya aika aka kama Yahaya, aka ɗaure shi." Ku duba fa, an kama mutumin da aka riga aka yanke wa kai a ayar da ta gabata. Da na tambaye shi, sai ya ce ai an koya masa aworis shuɗaɗɗe ne, shuɗaɗɗe kuwa a labari "sai ya" ne. Ban iya ganin laifinsa sosai ba. Wane suna za mu ba abin nan da ba zai kai yara ga wannan ramin ba?

Fasto_Danladi

Malam Bitrus, mu a makarantar tauhidi abin da aka koya mana shi ne aworis aiki ne na farat ɗaya, an yi shi sau ɗaya an gama har abada. Na sha yin wa'azi a kan haka. Me zai hana a ce "sau-ɗaya" ko "farat-ɗaya"?

Rifkatu_Bukuru

Baba Fasto, a gafarce ni, wannan koyarwar ta daɗe tana yawo amma nassi bai goyi bayanta ba. Tun 1972 Frank Stagg ya rubuta maƙala a kan yadda masu tafsiri ke ɗora wa aworis kayan da ba nasa ba. A duba Yohanna 2:20, inda aka ce shekara 46 aka yi ana gina Haikali: aikatau ɗin ginin aworis ne. A Ayyukan Manzanni 18:11 Bulus ya zauna a Koranti shekara ɗaya da wata shida, nan ma aworis. Ginin shekara 46 ba farat ɗaya ba ne.

Abin da sigar ke yi shi ne ta ɗauki aikin gaba ɗayansa, farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa, ta miƙa maka a dunƙule. Ba ta ce aikin gajere ne ba, ba ta ce dogo ne ba, ba ta ce ba a maimaita shi ba. Ɗaya sigar da ke tafiya tare da ita a labari, wadda ɗalibai ke kira imfafet, ita ce ke shigar da kai cikin aikin yana gudana. Turanci kuwa sigarsa ta baya, mai jelar -ed ɗin nan, babban aikinta ta gaya maka cewa abin ya wuce, kuma tana iya haɗiye sigogin Helenancin nan biyu ba tare da ta nuna ba.

Shi ya sa kuskuren kashi biyu ne, kuma duka biyun suna nan cikin wurin da Malam Bitrus ya kawo. Na farko shi ne na ɗalibinsa. Aworis bai gaya maka ko aikin ya biyo bayan na ayar da ta wuce ko ya riga shi ba. Mahallin maganar ne ke faɗa, a nan kuma ƙaramar kalmar gar, "gama", ita ce alamar cewa marubucin ya koma baya ya yi bayani. Na biyu yana aya ta 18. Aikatau ɗin can elegen ne, imfafet, amma fassarar Sarki Jems ta 1611 ta ba shi sigar da ke nuna kamar magana ɗaya Yahaya ya yi. Wanda ya bi Turancin zai rubuta "Yahaya ya ce wa Hirudus", alhali abin da ke wurin ya fi kusa da "Yahaya ya yi ta ce wa Hirudus". Daga nan har aya ta 20 kusan duk imfafet ne: Hirudiya matar Hirudus tana riƙe da Yahaya a zuci, tana son kashe shi, ba ta samun iko, Hirudus yana jin tsoronsa, yana kāre shi. Sai a aya ta 21 aworis ya dawo da biki, labarin ya motsa. In ka mai da su duka "ya yi, ta yi", ka share dalilin da ya sa matar ta ƙullace shi haka.

Sani_Malamin_Hausa

Assalamu alaikum. Ni ba Helenanci na sani ba, Hausa nake koyarwa a sakandare, amma maganar Malama ta yi mini kama da abin da muke da shi a gida. Abin da littattafanmu ke kira shuɗaɗɗen lokaci ai shi ma ba lokaci ba ne zalla. Idan na ce "in ka zo gobe na tafi", ga "na tafi" a gobe. Idan na ce "na gaji" ko "na sani", yanzu nake nufi. Saboda haka ina ba da shawarar "kammalau", a kan awon "sabau" da "aikatau". Aikin da ya kammala, ko jiya ko gobe. Haka ma fi'ilin mali na Larabci yake yi wani lokaci.

Ishaya99

Ni a ganina a bar shi aworis kawai. Ko kwamfuta ma ba mu canja mata suna ba. Kuma ai Helenancin nan ya mutu, wa zai yi gardama da mu?

Bitrus_Kafanchan

Ƙanena Ishaya, Helenanci na nan da ransa a Atina, har da aworis ɗinsa. Aron kalmar kuma ba haramun ba ne, za mu ambace ta a littafin. Matsalar ita ce in ka bar wa ɗalibi kalmar da ba ta ce masa komai ba, da Turanci zai cike gurbin, mu koma gidan jiya.

Malam Sani, "kammalau" ta yi daɗi a baki ƙwarai. Malama, me kika gani?

Rifkatu_Bukuru

Malam Sani ya kusa, kuma misalinsa na "na gaji" ya yi daidai da Markus 1:11, inda muryar sama ta yi amfani da aworis amma Turanci ya koma sigar yanzu don ba shi da yadda zai yi. Hausa ba ta shan wannan wahalar.

Inda nake jin tsoron "kammalau" wuri biyu ne. Akwai wata siga daban a Helenanci, fafet, wadda ke nuna aikin da aka yi kuma sakamakonsa yana nan, irin gegraptai, "a rubuce yake". Ɗalibi zai ji "kammalau" ya zaci ita ce. Sannan aworis na shiga umarni da roƙo, inda babu abin da ya kammala tukuna. A Matiyu 6:11 "ka ba mu" aworis ne, dos, yana tafiya da "yau". A Luka 11:3 kuwa didu ne, sigar ci gaba, tana tafiya da "kowace rana", wato "ka riƙa ba mu". Ba za ka ce wa yaro dos kammalau ba ne alhali abincin bai zo ba.

Ni da za a bi tawa, "dunƙulau". Awon Malam Sani ne, amma tushen yana faɗin abin da sigar ke yi.

Hadiza_Maradi

Ina gaisuwa daga Nijar. Mu da muka yi boko da Faransanci wannan rigimar ba ta kama mu kamar ku ba, domin a rubutun labari Faransanci na da sigogi biyu na baya, ɗaya mai tura labari gaba, ɗaya mai shimfiɗa yanayi. Na taɓa taya wata ƙungiya duba fassarar tatsuniyoyi, kuma wanda ya biyo ta Turanci nan da nan ake gane shi, komai "ya yi, ya yi, ya yi". Amma "dunƙulau" ni dariya ta ba ni, sai na ji kamar sunan abinci ne a tasha.

Sani_Malamin_Hausa

Hajiya, "aikatau" ma da aka fara kawo ta aji na tabbata an yi dariya, tunda ga 'yan aikatau. Na yarda da hujjar Malama a kan umarni. Sai dai ina da tambaya: mu shuɗaɗɗen namu biyu ne, na "sun" da na "suka". Wanne ne dunƙulau?

Rifkatu_Bukuru

Dukansu, kuma nan ne aikin mai fassara yake. "Suka" shi ke jera aukuwa ɗaya bayan ɗaya, "sun" kuwa yana iya tsayawa ya waiwaya. Abin da ke ruɗa mutane shi ne a namiji tilo rubutunmu ba ya bambanta su: "ya kama" mai dogon wasali da "ya kama" mai gajere duk iri ɗaya ake rubuta su. Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su mai da jimlar jam'i, ko su sa "an" da "aka", su ji wanda ya zauna. A Markus 6:17 "aka kama" bai zauna ba, "an kama" ne: "Gama dā ma Hirudus ya aika an kama Yahaya, an ɗaure shi a kurkuku saboda Hirudiya." Daga aya ta 21 kuma sai a koma "suka" da "aka" har zuwa binne gawar.

Gwajin ba ya warware komai, in faɗi gaskiya. A Yohanna 18:24 aworis ne, apesteilen, Hanana ya aika da Yesu wurin Kayafa. Fassarar 1611 ta ɗauke shi a matsayin waiwaye, yawancin na zamani sun ɗauke shi a matsayin abin da ya biyo baya. Zaɓin da ka yi shi zai nuna a gaban wa aka yi tambayoyin aya ta 19 zuwa 23. Sigar ba ta raba gardamar ba, Hausa kuma dole ta zaɓi ɗaya, ko "dā ma ya aika" ko "sai ya aika".

Fasto_Danladi

'Yata, na ji, Allah ya ƙara sani. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. A Ibraniyawa ai an ce sau ɗaya tak, ba ni na ƙirƙiro ba.

Rifkatu_Bukuru

Haka ne, Baba. Amma a can akwai kalma ta musamman, efafaks, ita ce ke ɗauke da "sau ɗaya tak", kamar a 7:27 da 9:12. Wa'azinku na nan daram, a kan kalmar dai za ku jingina shi.

Bitrus_Kafanchan

Madalla. Zan sa "dunƙulau" a daftari na biyu, in gwada shi a aji da Markus 12:41-42, inda masu kuɗi suke ta zubawa, eballon, gwauruwar kuma ta jefa anini biyu, ebalen. In yaran suka raba su ba tare da na nuna musu ba, sunan ya zauna. Saura imfafet. Na rubuta "mai ci na baya", amma bai kama Luka 1:59 ba, inda ekalun ke nufin suna shirin sa wa yaron suna Zakariya ne uwar ta hana. Malam Sani, ko akwai wani mai "-au" a aljihunka?