Kofin gwangwani: abin da aka yarda a kai da inda aka rabu

Ga abin da na tattaro daga wata doguwar muhawara da aka yi kan kofin gwangwani, wato garin kofin da ake narkarwa a ruwan zafi a sha nan take:

1. Kusan kowa ya yarda kofi ne na gaske. Ana gasa 'ya'yan kofi, a niƙa, a dafa, sannan a busar da ruwan har ya zama gari.

2. Busarwar iri biyu ce, kuma nan aka fi daɗewa. Akwai wanda ake fesawa cikin iska mai zafi. Ya fi araha, amma zafin yana korar ƙamshi. Ɗayan daskarar da shi ake yi kafin a zuƙe ruwan, shi ne za ka ga "freeze-dried" a jikin kwalbarsa, ƙwayoyinsa kamar ƙananan tsakuwa masu kaifi. Ni ma shi nake saye.

3. An rabu kan irin 'ya'yan kofin. Wasu sun ce Arabika, don ba ta cika ɗaci ba. Masu zuba madara sun tsaya kan Robusta, wai ita ce madara ba ta dannewa.

4. A duba abin da aka lissafa a jikin kwalba cewa yana ciki. In an ga sukari ko garin madara, haɗi ne.

5. In garin ya dunƙule a kwalba, danshi ya shiga. A ajiye a ɗauki wata.