Neman kalma: buƙatar da ta nutse a ƙasan wasiƙa, da yadda ake fito da ita fili

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara ɗan littafin horo kan rubuta wasiƙun aiki, na ci karo da `call to action`. Ma'anarsa dai jimlar da ke gaya wa mai karatu abin da ake so ya yi bayan ya gama karantawa. Darasin kansa yana koyar da yadda ake ciro wannan jimla idan ta ɓace a cikin dogon bayani, a mai da ita sama, a sa mata sunan mutum da wa'adi. Na rubuta "kira zuwa aiki", amma kunnena bai yarda ba. Ku taimaka min.

Tsohon sakatare: Wa alaikumus salam. Kunnenka ya yi maka gaskiya, ƙanina. Ka ce wa Bahaushe an yi masa kira zuwa aiki, zai ɗauka takardar ɗaukar ma'aikata ce ta fito. Kawo mana misalin da ke cikin littafin tukuna, kalma ba ta zaunawa sai an ga inda za a ajiye ta.

Mai fassara: Ga shi, Baba, kamar yadda na fassara: "Barkanmu da ƙoƙari. Kamar yadda aka sani, an kusa kammala rahoton kwamiti, kuma babi na ɗaya da na biyu sun fito da kyau. Mun gode wa duk waɗanda suka ba da gudummawa. Akwai sauran 'yan gyare-gyare, kuma zai yi kyau a duba alƙaluman babi na uku nan ba da jimawa ba. Sai mun haɗu a taro." An aika wa mutum tara.

Mai tallan intanet: Ai wannan mai sauƙi ne. Mu "danna nan" muke cewa, ko "yi rajista yanzu". Ka sa "maɓallin dannawa" ka wuce.

Malamar Hausa: Malam, naka na shafin talla ne, kuma a can daidai ne. Amma wasiƙar nan ba maɓalli a cikinta. Mai talla yana magana da dubban mutanen da bai sani ba, ko wa ya danna riba ce. Mai wannan wasiƙa kuwa mutum ɗaya yake nema a cikin tara, sai ya kasa faɗin ko wane ne.

Ku dubi jimlar da kyau: "zai yi kyau a duba". Ciwon yana cikin wannan ƙaramar "a" ɗin. Hausa ta ba mu hanyar faɗin aiki ba tare da mai yinsa ba: a duba, za a yi, ya kamata a gyara, an ce. Muna son ta ne saboda kunya da ladabi, don ba ta nuna kowa da yatsa. To amma duk mutum taran nan kowa zai karanta "a duba" ya ji ta faɗa kan maƙwabcinsa. Ga ta kuma a jimla ta huɗu, bayan gaisuwa da yabo da godiya, inda mai karatu ya riga ya yanke cewa saƙon na fatan alheri ne kawai.

Ɗalibi: To me zai hana a ce "umarni"? Tunda ana so a yi abu, a faɗi wanda zai yi, a sa rana, ai umarni ke nan.

Tsohon sakatare: Rabi ka samu, ɗana. Umarni yana da suna da rana, gaskiya ne, amma daga sama yake saukowa. Na shekara da shekaru ina rubuta wa shugabannina irin wannan jimla, ina neman sa hannu kafin rana kaza, kuma ban isa in kira ta umarni ba. "Roƙo" kuma ya yi ƙasa da yawa idan shugaba ne ke rubuta wa na ƙasa da shi. Muna neman kalmar da ke hawa kuma take sauka. Ni "buƙata" nake gani. Akawu yana da buƙata wurin darakta, darakta yana da buƙata wurin akawu, ba wanda aka raina.

Bari in gyara wasiƙar yadda da zan rubuta ta:

"Malam Wane, don Allah ka duba jadawali biyu na babi na uku, ka tabbatar jimillarsu ta yi daidai da ta littafin ma'aji, ka turo min gyaran kafin ƙarfe 12 na ranar Laraba 14 ga Mayu. Ranar Alhamis za mu kai rahoton wurin bugawa. Idan ranar ba za ta yiwu ba, ka sanar da ni yau in nemi wani."

Sannan gaisuwa da godiya da labarin babi na ɗaya su biyo a ƙasa, ko a bar gajeriyar sallama a sama, layi ɗaya. Ku lura da abin da ya canza. "A duba" ta zama "ka duba". "Alƙaluma" sun zama jadawali biyu, an kuma faɗi abin da za a auna su da shi, domin "duba" kaɗai tana iya zama kallo na minti ɗaya. "Nan ba da jimawa ba" ta zama rana da sa'a. Na kuma faɗi dalilin ranar, saboda wa'adin da ba a san dalilinsa ba mutane suna ɗaukarsa na ganin dama ne. Jimla ta ƙarshe ƙofar fita ce: gara ya ce ba zai iya ba ranar Litinin da in gano hakan ranar Laraba da azahar.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, wannan ya tuna min da horon taimakon gaggawa. Ana koya mana kada mu ce "a kira motar asibiti" idan mutum ya faɗi cikin jama'a. Sai ka nuna mutum guda ka ce, kai mai farar riga, kira. Akwai binciken masana halayyar ɗan Adam Darley da Latané na 1968 a kan haka: cikin waɗanda suka zaci su kaɗai ke jin mutumin da farfaɗiya ta kama, kashi 85 cikin ɗari sun nemi taimako, amma waɗanda suka zaci akwai wasu huɗu da ke ji, kashi 31 ne kawai. Ni ma ta taɓa ci na. Na rubuta wa abokan aiki shida cewa a kawo jadawalin hutu, sati biyu shiru, kuma da na bi su kowa ya ce ya zaci wance ce za ta haɗa. Ba wanda ya ƙi, ba wanda aka ce wa.

Ɗalibi: Amma Malama, kama sunan mutum a gaban mutum takwas ba tonon silili ba ne?

Malamar Hausa: Shi ya sa ba na son mai fassara ya yi amfani da "kama suna" a littafin. A bakinmu wanda aka kama sunansa yawanci mai laifi ne. Gara ya ce "ambaci suna", ko "a ɗora wa mutum guda". Kuma idan aikin bai riga ya makara ba, ambaton suna ba zargi ba ne, rabon aiki ne. Inda ya zama tonon silili shi ne a tunatarwa ta biyu, bayan wa'adi ya wuce. Wannan a aika masa shi kaɗai.

Akwai wata matsala da littafin Turanci ba zai gaya maka ba. Idan babba kake rubuta wa, hannunka zai kai ga "a taimaka a duba" ko "ku duba", don girmamawa. A wasiƙar mutum ɗaya ba laifi, ya san da shi ake. A wasiƙar mutum tara kuwa "ku" ɗin girmamawa da "ku" ɗin jam'i ba su da bambanci a ido. Mafita ita ce sunan ya zo da farko ya ɗaure jimlar: "Hajiya Wance, ranki ya daɗe, muna buƙatar sa hannunki a shafi na 4 kafin Laraba 14 ga Mayu." Ladabin yana nan, kuma ba wanda zai ce bai san mai shafi na 4 ba.

Tsohon sakatare: Haka ne, Malama. In ƙara da abin da ake gani a allo idan imel ne: sunan mai aikin shi kaɗai a layin `To`, sauran a `Cc`, layin waɗanda ake ba kwafi, kuma layin `Subject` ya ɗauki buƙatar, misali "Gyaran babi na 3, kafin Laraba 14 ga Mayu". Sojojin Amurka suna da ƙa'idar da suke taƙaitawa da BLUF, wato a sa gundarin magana a layin farko. Kuma ku rubuta wata da sunansa. 04/05 ɗan Birtaniya zai karanta 4 ga Mayu, Ba'amurke 5 ga Afrilu. "Jibi" ma tarko ce, don ba ka san ranar da zai buɗe saƙon ba, haka "Juma'a mai zuwa" idan an rubuta ta ranar Alhamis. "In Allah ya yarda" a sa ta, amma bayan ranar, ba a madadinta ba.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. To "buƙata" ta zauna min, "wa'adi" dama ba gardama. Wadda aka gyara zan kira ta "buƙata mai suna da wa'adi". Saura ta farkon: "binnanniyar buƙata" ko "ɓoyayyiyar buƙata"?

Malamar Hausa: Ba ko ɗaya. Binnewa tana kai hankali maƙabarta, ɓoyewa kuma da niyya ake yi, alhali marubucin nan kunya ce ta kama shi ba makirci ba. Ni zan ce "buƙatar da ta nutse", aikin kuma "fito da buƙata fili".

Tsohon sakatare: "Fito da ita fili" na yarda. Amma "buƙata" ita kaɗai tana da faɗi, ofis na iya samun buƙatar kujeru. A kan takarda, inda ake son kanun da ido zai faɗa a kai, ni "Abin yi" nake rubutawa, sai suna da rana a gabansa.

Malamar Hausa: Baba, "abin yi" ai sana'a ce a bakin matasa, ka ji ana cewa ba shi da abin yi.

Tsohon sakatare: A hira, e. A saman takarda da suna a gefensa ban taɓa ganin wanda ya ruɗe ba.

Mai fassara: Zan sa "buƙata" a cikin bayani, "Abin yi" a kanun misalai, in gwada wa masu horon kalmomin biyu. Malama, zan turo miki babin yau da daddare. Don Allah ki duba min shafi na 6 da na 7, inda kalmomin biyu suka haɗu, kafin Asabar 10 ga Mayu, domin Litinin zan miƙa.

Malamar Hausa: Asabar ina da jarrabawar ɗalibai. Lahadi da safe za ka samu.