Fatar amarya ta canza bayan gyaran hoto

Mai tambaya, Tudun Wada: Salamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki hotunan kamu a ƙarƙashin koriyar rumfa, fuskar amarya ta fito da kore-kore. Na gyara a Lightroom, koren ya tafi, amma mahaifiyarta ta ce wannan ba kalar 'yarta ba ce, kamar ta yi bilicin. Ina na kuskure?

Wani daga Samaru: Ka rage Saturation na Orange, shi ke nan.

Mai situdiyo, Sabon Gari: Wa alaikumus salam ƙanena. A'a, kada ka taɓa Orange. Fatar mutum, baƙi ne ko wankan tarwaɗa, a cikin Orange take zaune. Ka rage shi ta koma toka-toka, ka ɗaga Luminance ɗinsa ta yi fari fat. Ina zargin na biyun ka yi. Laifin na hasken da rumfa ta tace ne, don haka hasken za ka gyara.

Mayar da komai sifili. Danna W don ɗauko alamar daidaita fari, wato White Balance, ka nemi abu fari ko ruwan toka da ke ƙarƙashin rumfar tare da amarya, kamar farar kujerar roba. Ɗora alamar a kai ka duba lambobin R, G, B, wato ja, kore da shuɗi. A ce ka ga 62, 68, 61: G ya zarce da kusan shida, koren ke nan. Ka danna, Tint zai matsa dama har ukun su kusa daidaita. Sai ka duba goshinta inda ba ƙyalli. Lafiyayyar fata R ne a sama, G a tsakiya, B a ƙasa. Idan B ya kamo G, ka wuce gona da iri, ta fara komawa shunayya.

Wata mai kwalliya, Ƙofar Doka: Yaya, ni na ɗauka hoda ce. Na taɓa yi wa amarya kwalliya, a hoto fuska daban, wuya daban.

Mai situdiyo: Wannan kam hoda ce, Hajiya, wadda ta fi fatar haske. Gurɓatar haske fuska da wuya da hannu duka take kamawa. Na manta ban faɗa ba: a guji auna farar shaddar da aka saka wa bula, don shuɗi-shuɗi ce, hoton zai rine rawaya.

Mai tambaya: Na gwada, Yallaɓai. Fuskar ta dawo, amma mutanen da ke cikin rana a bayanta sun yi ja-ja.

Mai situdiyo: Haske biyu ne a hoto ɗaya. Mayar da Tint yadda yake, ka zaɓi amarya da Masking, ka gyara nata kaɗai. RAW ka ɗauka ko JPEG?

Mai tambaya: JPEG.

Wani daga Samaru: To ba lallai ya fita tas ba. Kuma wace waya mahaifiyar amaryar ta duba da ita? Wasu wayoyin suna kan Vivid, saitin da ke ƙara wa kala ƙarfi.

Mai tambaya: Ban tambaya ba. Gobe zan kai mata a buge a takarda.