Canjin naira zuwa riyal ta hanyar dala: lissafina ya ƙi fita daidai

Assalamu alaikum. Wannan lissafi ya ɗaure mini kai, don Allah masana harkar canji ku duba mini.

Naira 3,000,000 nake so in mayar riyal, amma sai na bi ta dala. Ɗan canjin nan ya ce yana sayen dala a kan naira 1,500, yana sayarwa 1,530. Na can Saudiyya kuma 3.72 yake saye, duk da farashin hukuma riyal 3.75 ne.

Idan na bi mataki-mataki ba matsala. Na raba 3,000,000 da 1,530, tunda ni ne mai sayen dalar, na sami dala 1,960.78. Na ninka da 3.72, ya ba ni riyal 7,294.12.

Rikicin ya taso ne da na so in cire ribar 'yan canjin a matsayin kaso cikin ɗari, don in riƙa kwatanta farashi da sauri. Na ɗauki tsakiyar farashi, wato 1,515, na raba 3,000,000 da shi, na ninka da 3.75, na sami riyal 7,425.74. Da na cire kashi 2, wato tazarar naira 30 ɗin gaba ɗaya, sai ya sauko 7,277.23, ya yi ƙasa da yawa. Na koma na cire rabin tazarar, kashi 1, haɗe da kashi 0.8 na ɓangaren riyal. Ya fito 7,292.08. Har yanzu saura riyal 2, kuma giɓin yana ƙaruwa idan kuɗin ya yi yawa, don haka ba daga yanke ƙananan lambobi ba ne.

Yaya ake fitar da kashin tazarar kowane ɓangare a haɗa su, har amsar ta zo daidai da 7,294.12? Na gode.