Don Allah a taimaka min da wannan takardar ECG

Salam 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a makarantar nas, sati biyu ke nan da aka turo ni ɗakin masu ciwon zuciya, kuma wani abu ya tsaya min a rai har bacci ya gagare ni.

An koya mana cewa idan takarda na gudu 25 mm/s, sai ka ƙirga manyan akwatuna tsakanin R da R ka raba 300 da su. Akwati huɗu, bugu 75 a minti ke nan, lafiya lau, ga P gaban kowane QRS. Wannan na gane.

To jiya aka miƙo min ta wani dattijo, na ɗora biro a lead II ina ƙirgawa, nan akwati uku, gaba biyar, gaba biyu da rabi, tazarar ba ta zama ɗaya ba ko sau ɗaya, kuma P ɗin ban gan shi ba sam, sai layi yana ɗan rawa kamar hannun mai rubutu na karkarwa. QRS ɗin dai siriri ne, bai kai ƙananan akwatuna uku ba. Zuciyata ta ce atrial fibrillation ne, amma Baba yana ta rawar ɗari lokacin da aka ɗauka, kuma waya ɗaya ba ta manne sosai ba.

Ta yaya zan bambance AF na gaske da rawar jikin majinyaci? Rashin daidaiton R da R kaɗai ya isa hujja? Sannan bugun, in ƙirga QRS na daƙiƙa shida, wato manyan akwatuna 30, in ninka da goma, haka ne? Na samu 11, wato 110.