Mai gida ya turo min bashin wata biyar, ni kuwa watana uku a gidan

Ɗan Haya: Assalamu alaikum. Jiya da dare mai gidanmu ya turo min saƙo wai ana bina kuɗin mai gadi, man janareta da kwasar shara na wata biyar, in ban biya cikin kwana bakwai ba za a cire ni daga layin janareta. Watana uku da tarewa, wata biyun na wanda ya tashi ne. Sashe takwas ne a gidan, ɗaya babu kowa, sai ya raba kuɗin gida bakwai. Ya ce lita 800 ta dizal ake ƙonawa duk wata, alhali awa biyar kawai ake kunnawa da dare. In biya duka a zauna lafiya, ko in biya nawa kawai?

Abu Sadik: Biya kawai ɗan'uwa. Wanda ya ci wutar wata biyar ai ya san da biya.

Ɗan Haya: Malam, wata uku na ce.

Injiniya: Janaretan nawa ne ƙarfinsa? In mai kVA 20 ne, da matsakaicin nauyi yana shan lita uku da rabi a awa, ko kusa da haka. Awa biyar sau kwana talatin, awa 150 ke nan, wajen lita 525. Kafin ya sha 800 sai an ɗora masa nauyin da ya kai ƙarshen ƙarfinsa kowane dare, ko ana kunna shi da rana ba ka sani ba, ko kuma man yana fita a jarka. A jikin allonsa akwai mitar da ke ƙirga awoyin aiki. Ka ɗauki hotonta yau, ka sake bayan sati, ka haɗa da rasidin mai. Amma ka tambaya tukuna, wasu masu gidan suna cusa kuɗin juyen baƙin mai da matata cikin lissafin dizal, shi kuwa juye kusan duk awa 250 ake yi.

Maman 'Yan Biyu: Rasidi? Hmm. Ni shekara biyu ina biyan kuɗin gadi ban taɓa fashi ba. Ranar da aka ɓalle min taga aka ɗauke keken ɗinkina, sai muka ji wai mai gadin wata huɗu ba a ba shi albashi ba, shi ya sa yake tafiya wani aikin da dare. Mai kula da gidan ne ke cinye kuɗin. Da na yi magana aka ce na fiye fitina, da hayata ta ƙare aka ƙi sabunta min. Har yau in na tuna keken nan raina ɓaci yake.

Ummu Khairat: Allah ya mayar da alheri yaya. Mu ma namu barci yake tun goman dare.

Sarkin Zolaya: Namu mai gadin mu muke gadinsa, jiya ni na tashe shi ya rufe ƙofa.

Dattijo: Ni mai gida ne, bari in faɗi tawa. Bashin wanda ya tashi ba naka ba ne, daga kuɗin ajiyarsa ya kamata a cire. Amma rabawa bakwai daidai ne, ɗakin da ba kowa wuta yake sha?

Injiniya: A kan mai, da ɗan gaskiyarka Baba. Amma albashin mai gadi fa? Sashen da ba kowa ma ai gadinsa ake, kuma dukiyarka ce. Wannan kason naka ne.

Dattijo: Yaro, ka fara gina gida tukuna ka zo mu yi lissafi.

Abu Sadik: Mu namu janaretan ko lita 300 ba ya sha a wata, kuma mun fi ku yawa.

Injiniya: Akwai masu na'urar sanyaya ɗaki a cikinku? In fitila da fanka ne kawai, ba a haɗa su.

Tsohuwar Dillaliya: Ɗan Haya, ɗauko takardar hayarka ka ga ko an rubuta kuɗaɗen nan da yadda ake raba su. Sannan ka tura na wata ukun ta banki, ka rubuta sunayen watannin a jikin turawar, don kada a ce na tsohon bashi ka rage. Ka amsa masa a rubuce cikin ladabi. Kada dai ka taɓa kuɗin haya da sunan ramuwa, nan ne za ka ba shi hujja.

Ɗan Haya: Na duba Hajiya. "Kuɗin hidima kamar yadda aka saba" kawai aka rubuta, babu adadi. Kuma na ukun ma a wane lissafi zan biya, na 800 ko na 525?

Maman 'Yan Biyu: Kuɗin ajiyar da Baba ke faɗa ma wa aka taɓa mayar wa? Ni nawa cewa aka yi fenti ya cinye.

Ummu Khairat: Wallahi nima, har ƙwan fitila sai da aka lissafa min.

Dattijo: To ku da kuke barin bango kamar allon makaranta fa?